DARASIN KIWON LAFIYA: CIWON HUHU GA YARA ƘANANA, DA YADDA ƘIRGA NUMFASHI KE NUNA MANA HANYA

'Yan'uwa, idan hunturu ya sauka a ƙasashen Anka, Gummi da Bukkuyum, da wuya a shiga gidan da ba a jin tarin yaro a cikinsa. Yawancin wannan tari mura ce, wadda za ta yi kwanakinta ta wuce. Amma a cikin masu tarin akwai 'yan kaɗan waɗanda cutar ta riga ta gangara cikin huhunsu, kuma irin waɗannan suna iya rasa rai cikin kwana biyu ko uku. Wannan shi ne ciwon huhu, wanda ma'aikatan asibiti ke kira nimoniya, mutanen gari kuwa sukan ce ciwon haƙarƙari ko sanyin haƙarƙari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa cewa a shekarar 2019 ya kashe yara fiye da 740,000 waɗanda ba su kai shekara 5 ba. Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ya ƙiyasta cewa a 2018 Nijeriya kaɗai ta rasa yara wajen 162,000 ta dalilinsa, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya a shekarar.

Tambayar da wannan darasi zai amsa guda ɗaya ce: ta yaya uwa ko uba, a ƙauyen da babu likita, za su gane tarin da za a yi jinyarsa a gida, da wanda ke bukatar magani a yau, da wanda za a garzaya da shi babban asibiti?

ABIN DA KE FARUWA A CIKIN HUHU

Huhu kamar soso yake, cike da ƙananan jakunkunan iska masu ɗimbin yawa. Duk lokacin da muka shaƙi numfashi, waɗannan jakunkuna suna cika da iska, jini kuma yana bi ta jikinsu yana kwasar oksijin, wato sashen iskar da ke raya jiki. Mura tana tsayawa ne a sama, a hanci da maƙogwaro, shi ya sa yaro mai mura yakan yi tari da majina amma numfashinsa yana nan daidai. Ciwon huhu kuwa yana shiga can ƙasa. Jakunkunan sai su kumbura, su cika da ruwa da mugunya, iska ta rasa wurin shiga.

Da jiki ya ji iskar ba ta isarsa, sai ya nemi ramawa ta hanyar yawaita numfashi. Saurin numfashi ke nan, alama ta farko. Idan ciwon ya ci gaba, huhun yakan yi tauri, yaron sai ya yi da ƙarfi kafin ya buɗe shi. Da yake ƙasusuwan ƙirjin yaro ba su yi ƙwari ba, wannan ja da ƙarfi yakan sa ƙasan ƙirjin ya lotsa ciki. Wannan ita ce alama ta biyu. Ashe haƙarƙarin da iyaye ke gani yana motsi ba shi ne mai ciwon ba, shaida kawai yake bayarwa a kan abin da ke ƙarƙashinsa. Don haka tsagar wanzami a haƙarƙari ba ta kaiwa inda cutar take, sai dai ta ƙara wa yaron rauni da zubar jini, ta kuma ci lokacin da ya kamata a tafi asibiti.

ƘWAYOYIN CUTA IRI BIYU

Wanka da ruwan sanyi ko shan iska ba su ne ke haifar da ciwon huhu ba. Ƙwayoyin cuta ne, kuma manyansu iri biyu ne: bakteriya da bairos.

Bakteriya halitta ce mai cin gashin kanta, tana ci tana hayayyafa da kanta. Wadda ta fi kawo ciwon huhu ga yara ita ce numokokas, sai wata da ake kira Hib. Yara da yawa masu ƙoshin lafiya suna ɗauke da numokokas a bayan hancinsu ba tare da ta yi musu kome ba, sai ranar da jiki ya yi rauni ta sami ƙofar gangarawa. Da yake bakteriya tana da nata jikin dabam da namu, akwai magunguna masu kashe ta, irin su amoksisilin.

Bairos ya fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma ba ya iya hayayyafa sai ya kutsa cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum. Amoksisilin da 'yan'uwansa ba sa taɓa shi ko kaɗan. Jikin yaron ne ke yaƙarsa har ya ci nasara. Wanda ya fi addabar jarirai shi ne wanda likitoci ke kira RSV, mai toshe ƙananan hanyoyin iska. Wani babban bincike da aka gudanar a ƙasashe bakwai, ciki har da Gambiya da Mali, aka kuma bayyana sakamakonsa a 2019, ya gano cewa a cikin yaran da aka kwantar saboda ciwon huhu mai tsanani, bairos ne sanadin wajen kashi 61 cikin 100, bakteriya kuwa wajen kashi 27. Sai dai an ga rabon bakteriya yana ƙaruwa a cikin waɗanda ciwonsu ya fi muni.

A littattafan likitanci akan ce ciwon bakteriya yakan zo farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi, yaron ya yi laushi ƙwarai, ciwon bairos kuwa yakan fara da majina, ya taso sannu a hankali, sau da yawa da ƙara mai kama da fito a ƙirji. Wannan gaskiya ne a jimlace, amma ba abin dogara ba ne a kan yaro guda. Ko likita mai hoton ƙirji a hannu ba koyaushe yake iya rarrabewa ba. Ban da haka, su biyun sukan haɗa baki: bairos ya share fage, bakteriya ta biyo baya. Shi ya sa akan ga yaro ya yi mura ko ƙyanda, ya fara samun sauƙi, sa'an nan zazzaɓi ya dawo da ƙarfi tare da haki. Wannan dawowa abin tsoro ce.

Saboda haka ba a ɗora wa iyaye nauyin gane wace ƙwaya ce ba. Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke bi ita ce: tari ba tare da saurin numfashi ba, ba ya bukatar maganin kashe bakteriya, tari tare da saurin numfashi, a ba da maganin, ko da yake wasu daga cikin yaran bairos ne ke damunsu. An zaɓi haka ne domin hasarar ba da magani ga wanda ba ya bukata ƙarama ce idan aka gwada ta da hasarar hana shi ga wanda bakteriya ke ci.

YADDA AKE ƘIRGA NUMFASHI

Wannan dabara ta samo asali ne daga wuraren da suke fama da ƙarancin likitoci kamar namu. A farkon shekarun 1980 wani likita mai suna Frank Shann da abokan aikinsa, a asibitin Goroka na ƙasar Papuwa Sabuwar Gini, suka nuna cewa ƙirga numfashi da duban ƙirji sun isa su ware yawancin yaran da ke bukatar magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gina tsarinta a kan irin wannan bincike, shi ne kuma ake koya wa ma'aikatan asibitocin karkara a Nijeriya.

Abin da ake bukata agogo ne mai nuna daƙiƙa, ko agogon da ke cikin wayar hannu. A bari yaron ya natsu a cinyar uwarsa, ko yana barci. Ƙirgar da aka yi yana kuka, ko yana shan mama, ko ya dawo daga guje-guje, ba ta da amfani. A ɗaga rigarsa, a zuba ido a cikinsa ko ƙirjinsa. Tashi da sauka tare numfashi ɗaya ne, ba biyu ba. Wannan shi ne kuskuren da aka fi yi, wanda ke ninka lissafi. A ƙirga minti ɗaya cikakke. Kada a ƙirga rabin minti a ninka, domin jarirai sukan yi sauri su dakata, su sāke ci gaba. Ya fi sauƙi idan mutum biyu ne, ɗaya yana duban agogo, ɗaya yana ƙirga.

Iyakar ta danganta da shekarun yaron, domin ƙaramin yaro a bisa halittarsa ya fi babba saurin numfashi:

Jaririn da bai cika wata 2 ba: numfashi 60 ko fiye a minti ɗaya. A sāke ƙirgawa don a tabbatar.

Daga wata 2 zuwa kafin cika shekara 1: numfashi 50 ko fiye.

Daga shekara 1 zuwa kafin cika shekara 5: numfashi 40 ko fiye.

Bayan ƙirga sai duban ƙirji. A lura da ƙasan ƙirjin, inda haƙarƙari na ƙarshe suke, a daidai lokacin da yaron ke shaƙar iska. Ga mai lafiya, ƙirji da ciki suna tasowa tare. Ga mai ciwon huhu da ya yi nisa, cikin yana tasowa amma ƙasan ƙirjin yana faɗawa ciki. Sai an ga haka a kowane numfashi, yaron kuma yana natse, kafin a ce alama ce. Ɗan motsin naman da ke tsakanin haƙarƙari kaɗai ba shi ake nufi ba.

Wannan awo yana da iyakarsa. Zafin jiki da kansa yana ƙara saurin numfashi, kuma a ƙasarmu zazzaɓin cizon sauro yana yawan yin haka, musamman da damina da kaka. Ƙarancin jini ma yana sa haki, haka kuma asma. Shi ya sa ƙirgar gida ba ta ba uba izinin zuwa kemis ya zaɓi magani da kansa. Abin da take faɗa shi ne: yau ne ranar ganin ma'aikacin lafiya, ba gobe ba. Shi zai ɗiga jinin yatsa ya gwada cizon sauro, domin yaro yana iya ɗaukar cututtukan biyu a lokaci guda. In ya ji fito a ƙirjin, zai fara ba da maganin shaƙa mai buɗe hanyar iska, ya sāke ƙirgawa kafin ya yanke hukunci.

MISALI: YARA UKU, HUKUNCI UKU

Mu ƙaddara yara uku ne a wani ƙauye na ƙasar Bukkuyum, dukansu suna tari kwana uku.

Na farko ɗan wata 8 ne, yana majina, jikinsa da ɗumi, amma yana shan mama sosai. An ƙirga, an sami 46. Iyakarsa 50 ce, ƙirjinsa kuma ba ya lotsawa. Wannan mura ce, jinyarsa a gida take. A yawaita ba shi mama, a share masa hanci da tsumma mai laushi da aka jiƙa kafin ya sha, a fitar da shi daga hayaƙin murhu. In zafin jikin ya dame shi a ba shi farasitamol gwargwadon nauyinsa, a kuma gwada masa jini saboda cizon sauro. Ba ya bukatar amoksisilin. Ba shi maganin ba zai gajarta murar ba, sai dai ya jawo gudawa, ya kuma koya wa bakteriya jure magani. Kada a ba shi maganin tari na kwalba, balle mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana a 2018. Zuma tana lafar da tari, amma ba a ba da ita ga wanda bai cika shekara ba. Aikin uwarsa shi ne ta ƙirga safe da yamma, domin 46 na yau yana iya zama 56 jibi.

Ta biyu 'yar wata 14 ce, nauyinta kilo 10. An ƙirga, an sami 46, daidai da na farko. Amma ita ta wuce shekara, iyakarta 40 ce, saboda haka tana da saurin numfashi. Tana shan ruwa, idonta biyu, ba ta amai. Wannan ciwon huhu ne da ake iya warkarwa a gida, amma sai an bi ta asibitin da ya fi kusa a wannan rana. Ma'aikacin zai auna ta, in yana da 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa ya duba oksijin na jininta, sa'an nan ya ba da amoksisilin mai narkewa a ruwa, wanda kowace ƙwayarsa miligiram 250 ce. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, yaro daga wata 2 zuwa kafin shekara yana shan ƙwaya 1 safe da yamma. Daga shekara 1 zuwa kafin 3, ƙwaya 2. Daga shekara 3 zuwa 5, ƙwaya 3. Yarinyarmu ƙwaya 2 ke nan safe, 2 yamma. A narka su a ɗan ruwa mai tsabta ko ruwan mama, a ba ta duka. In ta amayar nan take, a jira kaɗan a sāke ba ta. Yawanci kwana 5 ake rubutawa, kuma a cika su.

Cikin kwana biyu zuwa uku ya kamata a ga numfashin ya sauka, zazzaɓin ya lafa, ta fara karɓar abinci, ko da tarin zai ɗan jima. A koma wurin ma'aikacin a rana ta uku. Inda ake yawan yin tuntuɓe shi ne a nan: da ta fara wasa sai a tsai da maganin, a ajiye sauran don ƙanenta. Wani kuskuren shi ne rage ma'auni, a ba ta rabin abin da aka ce don maganin ya daɗe. In kwana uku suka cika numfashin bai sauka ba, ko ya ƙaru kafin nan, maganin bai kama ba, sai a wuce gaba.

Da a ce ƙirjin wannan yarinya yana lotsawa fa? A dā duk mai wannan alama kwantar da shi ake yi. A 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya ƙa'ida, ta yarda ma'aikacin asibiti ya ba irin wannan yaro amoksisilin na kwana 5 ya koma gida, muddin ya wuce wata 2 kuma ba shi da wata alamar haɗari. Amma wannan hukunci na ma'aikaci ne bayan ya duba yaron. Ga iyaye, lotsawar ƙirji tana nufin a tashi yanzu.

Na uku ɗan shekara 2 ne, ramamme, ya tashi daga ƙyanda makonni biyu da suka wuce. Numfashinsa 58, ƙirjin yana lotsawa, yana nishi a kowane numfashi, an kai masa kofi ya kasa sha, idan an tashe shi sai ya koma barci. Wannan ba na gida ba ne, ba kuma na ƙaramin asibiti ba. Yana bukatar allurai ta jijiya, yawanci amfisilin ko fenisilin tare da jentamaisin, da iskar oksijin ta hanci, wataƙila da ciyarwa ta roba. Oksijin ɗin shi ne abin da gida ba zai taɓa bayarwa ba, kuma shi ne ke tsai da ran yaro ko bairos ne ke cinsa ko bakteriya. Idan na'urar yatsa ta nuna ƙasa da 90, yana bukatarsa ko da bai yi kama da mai tsananin ciwo ba.

ALAMUN DA BA A KWANA DA SU

Ko ɗaya daga cikin waɗannan ta isa a nufi babban asibiti: yaro ya kasa sha ko kama mama, yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ya yi jijjiga, ya yi laushi har tashinsa na wuya, ko ya suma, yana wata ƙara mai kaushi idan yana shaƙar iska alhali yana natse, leɓɓansa ko harshensa sun yi duhu, ko yana da tamowa mai tsanani. Mai tamowa yana bukatar lura ta musamman, domin jikinsa ba shi da ƙarfin yin zazzaɓi ko haki sosai, sai ciwon ya ɓuya har ya yi nisa.

Jaririn da bai cika wata 2 ba shi ma dabam yake. Sau da yawa ba ya ma tari. Ƙin mama, sanyin jiki, zafin jiki, rashin motsi, ko numfashi 60 zuwa sama, kowannensu ya isa a kai shi a wannan rana.

Game da jijjiga, mutanen wannan yanki ba su manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinariya ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. Dalma, cizon sauro, sanƙarau da ciwon huhu duk suna iya sa yaro jijjiga, kuma ba a rarrabe su a tsakar gida. In gidan yana da alaƙa da aikin zinariya, a faɗa wa likita.

NISA DA HANYA

Kowa ya san halin da hanyoyinmu suka shiga a shekarun nan saboda 'yan bindiga, har akwai wuraren da ba a fita bayan faɗuwar rana. Ciwon huhu kuwa ba ya jiran gari ya waye. Hikimar ita ce a ƙirga numfashin yaro mai tari da hantsi, a kuma sāke da azahar, tun akwai sauran rana da abin hawa. Wanda ya ga 46 ga 'yar wata 14 da safe ya tafi, ya kuɓuta daga neman babur da tsakar dare.

Idan an tura ku gaba, zuwa babban asibitin Anka, Gummi ko Bukkuyum, ko daga can zuwa Gusau ko Sakkwato, ku roƙi ma'aikacin ya ba yaron kashin farko na magani kafin ku kama hanya, ya kuma rubuta muku takarda. A hanya a lulluɓe yaron, a bar fuskarsa a buɗe, a riƙe shi a ɗan zaune, a ci gaba da ba shi mama in yana iya sha. Kada a yi masa ɗura, domin abin da aka ɗura wa mai haki yakan faɗa cikin huhu. Yana da kyau maigida ya bar izini da ɗan kuɗin mota tun kafin ya yi tafiya, don kada uwa ta zauna jiransa da yaro a hannu.

TOSHE ƘOFA TUN DA WURI

Manyan bakteriyar nan biyu suna da rigakafi, kuma kyauta ake yinsa a asibitocin gwamnati. Nijeriya ta fara allurar nan mai haɗe da cututtuka biyar, wadda ta ƙunshi Hib, a 2012, ta kuma fara ta numokokas a ƙarshen 2014. Ana yin su a mako 6, mako 10 da mako 14 da haihuwa. Ta ƙyanda kuwa a wata 9 ne, a maimaita a wata 15. Rigakafin ba ya hana kowane ciwon huhu, don haka yaron da aka yi wa ma a ƙirga numfashinsa, amma yana rage irin wanda ya fi kisa. Mama zalla har wata 6 yana ƙara wa jariri kariya. Hayaƙin itace da kara, da garwashin da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa da hunturu, suna raunana huhu, don haka kada a goya jariri a bakin murhu in akwai mai riƙe shi. Tarin da ya wuce kwana 14 kuma, ko babu haki, a kai shi a bincika tarin fuka.

TAMBAYOYI DON NAZARI

1. Ɗan wata 11 yana numfashi 48 a minti, ɗan wata 13 yana 42. Wanne ne a cikinsu ke da saurin numfashi, kuma me ya sa?

2. Don me ba a ba mai mura amoksisilin, amma ake ba mai saurin numfashi ko ba a tabbatar bakteriya ce ba?

3. Daga unguwarku, wane asibiti ne mafi kusa da ake samun iskar oksijin, kuma da ƙarfe nawa ne ƙarshen lokacin da ake iya kama hanyarsa? Wanda bai san amsa ba ya tambayi ma'aikacin lafiya a wannan mako, tun yaransa suna lafiya.